Naira 120,000 da Ta Ƙi Zama: Yadda Akanta Ke Farautar Kuskure

A ce wani dillalin shinkafa ne a Kasuwar Singa ta Kano, shekara ta ƙare, akantansa ya zauna haɗa lissafi. A tsarin shigarwa biyu, kowace naira ana rubuta ta sau biyu: a hagu, wato debit, da kuma a dama, wato kiredit. Dole jimillar ɓangarorin ta zo daidai. Sai ga hagu ya ɗara dama da naira 120,000.

Akanta ba ya share gibin, ba ya kuma ƙirƙiro lamba. Sai ya buɗe asusun wucin gadi, wanda masu sana'ar ke kira saspens, ya ajiye 120,000 ɗin a damansa don littafi ya daidaita. Ribar da ta fito a wannan mataki, a ce naira 1,200,000, ba ta tabbata ba tukuna.

Daga nan sai bin rasit ɗaya bayan ɗaya. Wani kwastoma ya biya bashin 30,000, an rubuta a littafin kuɗi amma ba a rage masa a asusunsa ba. A littafin jonal, inda ake rubuta kowane gyara tare da dalilinsa, sai a sa 30,000 a hagun saspens, a sa a daman asusun kwastoman. Riba ba ta motsa ba, domin biyan bashi ba sabon ciniki ba ne.

Saura 90,000. Gogaggen akanta zai lura cewa tara tana raba wannan adadi ba saura, abin da sau da yawa ke nuna an juya lambobi. Haka kuwa aka yi: cinikin 540,000 aka kwafa a matsayin 450,000. An sa 90,000 a hagun saspens da daman asusun ciniki, saspens ya koma sifili, riba ta ƙaru da 90,000.

A nan ne da yawa ke rufe littafi, kuma a nan haɗarin yake. Akwai kuskuren da ba ya taɓa saspens ko kaɗan, saboda hagu da dama sun yi daidai, gurbin ne ba daidai ba. Dillalin ya sayi janareta na 200,000, aka jefa shi cikin kuɗin gyare-gyare kamar an kashe ya wuce, alhali kadara ce da za ta yi shekaru tana aiki. Gyaran jonal: hagun asusun kadarori, daman asusun gyare-gyare. Riba ta hau da 200,000, sai dai a cire ragin darajar janaretan na shekarar, a ce kashi goma cikin ɗari, wato 20,000.

Aka ɗauko 1,200,000, aka ƙara 90,000 da 200,000, aka cire 20,000. Ribar gaskiya ta tsaya a naira 1,470,000, kuma da ita za a raba wa abokan jari kasonsu.