Ba da Haƙuri Daban, Amsa Laifi Daban

A watan Satumban 2023, wata mata a Legas mai suna Chioma Okoli ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ya cika zaƙi. Kamfanin ya kai ƙara wurin 'yan sanda, aka kama ta, magana ta kai kotu. Jama'a suka yi caa a kan kamfanin, har da masu kiran a ƙaurace wa kayansa.

Gudun irin wannan ne ke sa wasu 'yan kasuwa su zarce wajen lallashi, har su ɗaure kansu da bakinsu.

A ɗauka wata mata ta rubuta a shafin wani gidan abinci a Google Maps cewa ta yi awa guda tana jiran abinci, kuma ɗanta ya kwana yana gudawa. Manaja ya firgita, ya amsa: "Hajiya, ki yafe mana, laifinmu ne, firjinmu ne ya lalace ranar." Ladabi kam ya yi. Amma likita bai ce abincin ne ya jawo ciwon ba, wataƙila ma ruwan gida ne. Ga shi kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya ba da damar gabatar da bayanan kwamfuta a kotu idan an cika sharuɗɗa, don haka lauyan Hajiya zai adana hoton amsar nan. Kamfanonin inshora ma galibi sukan sharɗanta cewa kada a amsa laifi sai da izininsu.

Da ya natsu, ga abin da zai rubuta: "Hajiya, ba mu ji daɗin wannan labari ba. Allah ya ba yaro lafiya. Muna duba abin da ya faru ranar, kuma muna roƙon ki kira lambar da ke shafinmu, manaja zai saurare ki da kansa."

Akwai tausayi a ciki, akwai alkawarin bincike, amma ba a faɗi musabbabi ba, ba a ambaci diyya ba, ba a kuma ƙaryata ta ba. Idan rasit ya nuna lallai an yi jinkirin, babu laifi a amsa shi kai tsaye, tunda an tabbatar. Zancen ciwon ne ake bari sai an bincika. Haka nan ba a tona abin da ta saya ko bashin da ake bin ta, komai zafin rai.

A Ingila da Wales, dokar diyya ta 2006 ta fayyace cewa ba da haƙuri kaɗai ba amsa sakaci ba ne. Wannan kariya ba ta bin ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi, saboda haka idan ƙorafin ya shafi rauni, ciwo ko asarar dukiya, gara lauya ya ga amsar kafin a wallafa.