Daga Farin Allo Zuwa Jadawalin da Kowa Zai Iya Gyarawa

A makarantu da yawa, ranar da mataimakin shugaban makaranta ya gama zana jadawalin zango a farin allon ofishin malamai, sai wani ya zaro waya ya ɗauki hoto ya jefa a zauren WhatsApp. Kafin mako ya zagayo an musanya Lissafi da Turanci na ranar Talata, an sake ɗaukar wani hoton, sannan wani. Can sai a ga malamai biyu tsaye a ƙofar aji ɗaya, kowa riƙe da wayarsa yana nuna hoton da ya ba shi gaskiya. Hoto ba ya gyaruwa, ba a iya neman suna a cikinsa, kuma ba ya faɗin ko shi ne na ƙarshe. Shi ya sa ake mayar da shi jadawali a Google Sheets ko Excel, wanda yake zaune wuri guda, duk wanda ya buɗe abu ɗaya zai gani.

Aikin yana farawa tun daga ɗaukar hoton. Farin allo yana da sheƙi, don haka fitilar waya ko hasken taga kan bar farin tabo a tsakiyarsa ya cinye gida biyu ko uku. A kashe fitilar, a tsaya daidai gaban allon ba ta gefe ba, domin hoton gefe yana karkata layuka har rubutun darasi na uku ya leƙa cikin na huɗu. Idan allon faffaɗa ne, a ɗauki guda ɗaya na gaba ɗaya, sannan a matsa kusa a ɗauki kowace rana daban. Jan alƙalami da kore, musamman idan sun fara bushewa, su ne ke fara ɓacewa a hoto. Kuma WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kaifi, saboda haka a yi aiki da na asali da ke wayar wanda ya ɗauka, ko a turo shi ta hanyar Document.

Akwai manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto. Excel yana da Data from Picture, wanda ke ƙoƙarin gano gidajen jadawali ya zuba su, har ya nuna wuraren da yake shakka a duba. A Google Drive kuma ana iya buɗe hoto ta Open with, a zaɓi Google Docs, rubutun ya fito. Sai dai Google da kansa ya ce hoton kada ya wuce 2 MB, kuma ba lallai ya gane tsarin jadawali ba, sau da yawa sai ya jero kalmomin kawai. Waɗannan kayan aiki sun fi ƙwarewa a bugaggen rubutu. Rubutun hannu a allo, da layukan da aka ja ba rula, da kibiyar da ke cewa wannan darasi ya koma can, suna rikita su. SS1 kan koma 551, IRS ya koma 1RS, ƙugiyar ƙ da ɗ a sunayen malamai ta faɗi.

A ɗauki misalin makaranta mai aji uku, SS1 zuwa SS3, darasi takwas daga Litinin zuwa Alhamis, biyar ranar Juma'a. Kowane aji yana da darasi 37 a mako, duka 111 ke nan. Yawan bai kai abin tsoro ba, tunda fannoni da sunayen malamai maimaita kansu suke yi. A ganin mai wannan rubutu, ga allon da aka rubuta da hannu mai wannan girma, mutum biyu sun fi manhaja: ɗaya yana karantowa daga hoto, ɗaya yana bugawa. Farautar kuskuren na'ura gida-gida takan ci lokacin da ya fi na bugawar.

Babbar shawarar ita ce siffar da jadawalin zai ɗauka, kuma a nan ne aka fi tafka kuskure. Abin da ke fara zuwa wa mutum shi ne ya kwaikwayi allon sak: ranaku a gefe, lokuta a sama, a cusa fanni da sunan malami cikin gida ɗaya, darasi mai ninki biyu kuma a haɗe masa gida biyu da Merge cells. Yana da kyau a ido, amma na'ura ba ta iya yin komai da shi. Ba za ta iya ware darussan malami ɗaya ba, tunda sunansa a cakuɗe yake da fanni. Gidajen da aka haɗe kuwa suna hana jerantawa, Excel ma ƙin yi yake ya fito da saƙon kuskure.

Tsarin da ke aiki shi ne kowane darasi ya samu layinsa guda, da ginshiƙi biyar: A rana, B lambar darasi, C aji, D fanni, E malami. Layin farko na kanun ginshiƙan ne, sai layi 111 a ƙasansa. Darasi mai ninki biyu ana rubuta shi sau biyu, na uku da na huɗu, kowanne a layinsa. Lokacin hutun tara da na sallar Azahar ba darussa ba ne, sai a ajiye su a wani shafi daban tare da ƙarfe nawa kowane darasi ke farawa da ƙarewa. Amfanin wannan yana bayyana a watan azumi: idan aka rage tsawon darussa, layuka kaɗan kawai za a taɓa a wancan shafin, ba ɗari da goma sha ɗaya ba.

Abu biyu ƙanana suna ba mutane mamaki a nan. Na farko, wanda ya buga 8-9 yana nufin ƙarfe takwas zuwa tara, na'ura za ta ɗauka kwanan wata ne: Excel ya mayar da shi 8 ga Satumba, ko 9 ga Agusta idan saitin Amurka ke kan kwamfutar. Google Sheets wani lokaci yakan bar shi a fuska kamar yadda aka buga, alhali a ciki ya zama kwanan wata. Alamarsa ita ce rubutun ya manne a gefen dama na gidan, kuma idan aka taɓa shi cikakken kwanan wata ya fito a sama. Maganinsa a fara da alamar ɗauri, wato '8-9, ko a mayar da ginshiƙin Plain text tun kafin a fara bugawa. Na biyu, idan aka ce na'ura ta jera ranaku, bin haruffa za ta yi: Alhamis, Juma'a, Laraba, Litinin, Talata. Mako ya birkice. Sai a rubuta su da lamba a gaba, 1 Litinin, 2 Talata, har zuwa 5 Juma'a.

Da an gama bugawa sai tantancewa, kuma lissafi ne ke fara tona asiri. Kowane aji dole ya ba da 37. Idan SS2 ya ba da 36, an tsallake gida, mai yiwuwa wanda hasken taga ya cinye. Bayan haka a koma gaban allon kansa, ba hoton ba, wani ya karanto wani ya bi da yatsa.

Daga nan ne jadawalin zai yi abin da allo bai taɓa iyawa ba, wato kama karo. A Google Sheets a zaɓi layukan daga A2 zuwa E112, a shiga Format, a zaɓi Conditional formatting, sannan Custom formula is, a buga wannan:

```
=COUNTIFS($A:$A,$A2,$B:$B,$B2,$E:$E,$E2)>1
```

Ma'anarsa a taƙaice: a ƙirga layukan da rana ɗaya, darasi ɗaya da malami ɗaya suka haɗu, idan sun wuce ɗaya, a shafa musu launi. Da a ce malamin Lissafi yana SS1 a darasi na uku ranar Laraba, aka kuma sa shi SS3 a wannan lokacin, nan take layuka biyun za su rine. A allo, irin wannan karo sai ranar Larabar ake gano shi, lokacin da wani aji ke zaune ba malami.

Dabarar tana da iyaka. Idan an haɗa aji biyu da gangan a ɗaki ɗaya, za ta rina su duk da ba laifi. Mafi muni, idan an rubuta sunan malami iri biyu, nan da cikakken suna can a gajarce, ko an bar tazara a ƙarshen sunan da ido ba ya gani, na'ura za ta ɗauke su mutum biyu ta yi shiru. Saboda haka ake rubuta sunayen malamai sau ɗaya a wani shafi, a sa wa ginshiƙin E jerin zaɓi ta Data validation, yadda kowa zai zaɓa ne maimakon ya buga. Haka ma fanni da aji.

Saura batun rabawa, wanda rabinsa shugabanci ne. Google Sheets yana da matsayi uku: Viewer mai kallo kawai, Commenter mai barin tsokaci, da Editor mai gyara. Hanya mafi sauƙi, kuma mafi haɗari, ita ce a zaɓi Anyone with the link a ba shi Editor, a jefa linkin a zaure. Linki yana yawo, gobe yana wayar ɗalibi. Gyaran da aka yi ta wannan hanya kuma kan iya fitowa a tarihin fayil ba suna, ba a san wanda za a tambaya ba. Ko ba mugunta, babban yatsa a kan ƙaramar waya ya isa ya goge gida ba tare da mai shi ya lura ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne mutum biyu ko uku, kamar mataimakin shugaba da shugabannin sassa, su zama Editor ta adireshin imel ɗinsu, sauran malamai su zama Commenter. Mai son musanya darasi ya bar tsokaci a kan gidan, mai iko ya gyara, dabarar kama karo ta nuna ko musanyar ta taka wani. Idan kuwa ana son kowa ya iya gyarawa, a kulle kanun ginshiƙai, shafin lokuta da jerin sunaye ta Protect sheets and ranges. Wannan kullewa daga kwamfuta ake yin ta, don haka a kammala ta kafin a raba linkin. Masu gyara da ke son ganin darussansu kaɗai su yi amfani da filter view, domin tacewar gama-gari tana ɓoye layuka ga duk wanda ke kallo a lokacin, har wani ya zaci an goge masa darussa.

Idan ɓarna ta auku, Version history da ke ƙarƙashin File yana ajiye tsofaffin siffofin fayil ɗin da lokaci da sunan wanda ya taɓa, ana iya komawa ta jiya da dannawa ɗaya. Yana da kyau a raɗa wa siffar ranar farko suna, kamar Jadawalin Zango na Farko, don a same ta cikin sauƙi.

Malaman da ba su da babbar waya ko data kullum suna nan, kuma allo ba zai bar bango ba. A fitar musu da PDF a buga a manna, a rubuta kwanan watan bugun a samansa da manyan lambobi. Sannan shugaban makaranta ya faɗa a taron malamai, a kuma rubuta a gefen allon, cewa duk sauyi a fayil ake fara yin sa, allo da takarda su biyo baya, kuma duk inda suka saɓa, abin da ke fayil shi za a bi.