Netwok Ya Ɗauke a Rogo: Laifin Waya Ne ko na Turke?

Me ake nufi da ɗaukewar netwok? Katsewar saƙo ne tsakanin waya da turken sabis da ke ciyar da unguwa, kuma matsalar kan fito daga ɗayan ɓangarorin biyu. Turke na buƙatar wuta da layin da ke haɗa shi da sauran turaku. Idan man janareto ya ƙare ko aka tsinke wayar ƙarƙashin ƙasa, masu layin da ke dogara da turken kan rasa sabis tare.

Saboda haka, kafin mai POS a Rogo Sabon Gari ya kai na'urarsa wurin gyara, ya tambayi maƙwabta biyu ko uku masu layi irin nasa. Idan MTN ya ɗauke musu duka, na'urarsa lafiya take. Sai ya sa layin Airtel ko Glo. Idan ya kama, magana ta ƙare.

Wani zai ce ai an ga layuka biyu sun mutu lokaci guda. Gaskiya ne, domin kamfanoni kan haɗa turke ɗaya, shi ya sa shaidar maƙwabta ta fi canjin layi ƙarfi. Sai in layin maƙwabci irin naka na aiki a ɗakinka, naka kuwa shiru, sannan ka tuhumi wayarka ko layinka.