Shiri na Musamman: Takardar Ƙarin Albashi da Haƙƙin Ma'aikaci

A ƙarshen Oktoban 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar da naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano, daga watan Nuwamba, bayan dokar tarayya ta ɗaga shi daga 30,000 zuwa 70,000. Sai dai sanarwa ba ta gaya wa malamin firamare a Karaye ko ma'aikaciyar asibiti a Rogo nawa ne rabonsu. Wannan aikin takardar ƙarin albashi ne, kuma ba ta cika sai da dalili, da ranar fara aiki, da lissafi.

Dalili ne ke nuna irin ƙarin. Gyaran albashi na kowa da kowa daban, ƙarin girma daban, ƙarin mataki na shekara-shekara kuma daban. Idan takarda ba ta bambanta su ba, wanda aka yi wa ƙarin girma a daidai lokacin gyaran zai ga kuɗinsa ya ƙaru, ya ɗauka an biya shi duka, alhali ɗaya kawai ya shiga. Haka kuma 71,000 ɗin na ma'aikacin da ke ƙasa ne. Na sama da shi, jadawalin albashi ne ke yanke musu ƙari gwargwadon matakin kowa.

Mu ɗauki misali. A ce albashin malami kafin a cire komai 100,000 ne, aka ƙara masa 20,000. Idan ana cire kashi 8 cikin 100 na jimlar don fansho, 1,600 ta fita daga ƙarin, saura 18,400, kafin a zo kan haraji da kuɗin ƙungiya. Idan kuma ƙarin ya fara aiki a Nuwamba amma bai shiga ba sai Janairu, malamin yana bin ariyas na wata biyu, wato 40,000 kafin cire-cire. In babu rana a rubuce, da me zai nemi wannan bashi?

Wani zai ce ai gwamnati tana fitar da sanarwa da jadawali, kuma rubuta wa dubban ma'aikata ɗaya bayan ɗaya wahala ce. Gaskiya ne jadawali shi ne tushe, amma bai san matakin da aka ajiye Malam wane a kai ba, kuma a nan ne kuskure yake ɓuya. Wahalar ma ba ta kai yadda ake faɗa ba, domin alƙaluman suna cikin kwamfutar da ake biyan albashi da ita.

Saboda haka, ma'aikaci, idan takardarka ta zo, gwada ta da takardar biyan albashinka ta wata. In sun saɓa, kai ƙorafi a rubuce ga ofishin kula da ma'aikata, ka riƙe kwafi, domin ranar lissafin fansho za ka neme shi. Mu kwana lafiya.