Layi biyu, ma'auni biyu: zanen da ke faɗar abin da alƙaluma ba su faɗa ba

Akwai wani irin zane da ya cika rahotanni da jaridu da wayoyinmu. Layi biyu ne suke tafiya daga hagu zuwa dama, watanni ko shekaru a jere a ƙasansu. Lambobin da ke gefen hagu na layi ɗaya ne, waɗanda ke gefen dama kuma na ɗayan. Mai zanen yana so ya nuna abubuwa biyu da ba a auna su da abu ɗaya, kamar ruwan sama da amfanin gona, ko farashin dala da na abinci. Niyyar ba ta da laifi. Inda gizo ke saƙa shi ne, mai zanen ne yake zaɓar inda kowane ma'auni zai fara da inda zai ƙare, kuma wannan zaɓin nasa shi ne yake tantance labarin da idon mai karatu zai gani.

Bari mu ɗauki misali da alƙaluman da na tsara domin bayani. A ce a wani gari buhun gero ya tashi daga naira 40,000 a Janairu zuwa 44,000 a Disamba. A wannan shekarar kuma kuɗin dakon buhu ya tashi daga 2,000 zuwa 4,000. Wato gero ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, kuɗin dako kuwa ya ninka.

Mai zane na farko sai ya sa ma'aunin hagu ya fara daga 39,000 ya tsaya a 45,000, na dama kuma daga 1,500 zuwa 4,500. A haka layukan biyu za su tashi daga wuri ɗaya can ƙasa, su ƙare a wuri ɗaya can sama, kamar an manne su. Duk wanda ya gani zai ce gero da dako sun hau daidai da juna, har ya ƙara da cewa ai dakon ne ya ja geron. Na biyu ya fara duka ma'aunan daga sifiri, na hagu zuwa 50,000, na dama zuwa 5,000. Nan layin gero zai kwanta a sama kusan a miƙe, na dako yana hawa daga ƙasa. Na uku ya bar ma'aunin hagu yadda na farko ya yi, ya buɗe na dama daga sifiri har 20,000. Yanzu gero ne ke tashi sama da gudu, dako yana rarrafe a ƙasa, alhali shi ne ya ninka.

Babu wanda ya taɓa ko lamba ɗaya cikin ukun nan. Kowa zai iya rantsewa alƙalumansa gaskiya ne, kuma bai yi kaffara ba. Amma abin ya yi kama da mai awo da ya ajiye mudu biyu, babba da ƙarami, ya ce maka ai duka mudu ne.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne inda layukan suka gitta juna. Ido ya saba cewa in layi ya haye wani, to wani abu ya faru, wannan ya wuce wancan. A zane mai ma'auni biyu, mahaɗar ba ta nufin komai. A misalinmu, in ka kai ma'aunin hagu 100,000, na dama 6,000, duka daga sifiri, layin dako zai fara a ƙasan na gero ya haye shi tun a farkon shekara, sai ka ji ana cewa a wata kaza dako ya zarce gero. Ina naira 4,000 ta zarce 44,000? Ka ɗan motsa ma'auni ɗaya, mahaɗar ta koma wani watan, ko ta ɓace gaba ɗaya.

Ba kullum da gangan ake yin haka ba. A Excel, da ka danna layi ka zaɓi Secondary Axis, manhajar da kanta take zaɓa wa kowane ma'auni farko da ƙarshe, yadda kowane layi zai cika fili. Shi ya sa kowaɗanne abubuwa biyu da ke hawa a shekaru ɗaya suke fitowa kamar Hassan da Hussaini. Tyler Vigen ya tara irin waɗannan zane-zane masu yawa a aikinsa Spurious Correlations, inda ya haɗa abubuwan da babu abin da ya gama su, kamar cin cuku da wani irin haɗari, suka fito suna tafiya tare. Masanin zanen alƙaluma Stephen Few ya bi lamarin dalla-dalla a wata maƙala a 2008, ya ƙare a kan cewa bai ga inda ma'auni biyu ya fi sauran hanyoyi ba.

Ni dai ina ganin akwai inda ya halatta, wato inda alaƙar ma'aunan biyu take a ƙayyade, ba hannun mai zane ba. Zafi a ma'aunin Celsius a hagu da Fahrenheit a dama abu ɗaya ne da suna biyu. Haka zanen yanayi na Walter da Lieth da masana ƙasa ke amfani da shi: ƙa'idarsa ita ce digiri 10 na zafi su yi daidai da milimita 20 na ruwa. Saboda an kafe wannan ƙa'idar, mahaɗar layukan tana da ma'ana. Watan da layin ruwa ya faɗo ƙasan na zafi, watan rani ne. In matsakaicin zafin wata digiri 30 ne, kamar yadda ake samu a Kano ko Zinder gab da damina, sai ruwa ya wuce milimita 60 kafin a lissafa shi cikin watannin danshi. Manhajar zane ta ggplot2 ma a kan wannan ta tsaya: ba ta yarda da ma'auni na biyu sai wanda aka lissafo daga na farko.

In ba haka ba, hanya mafi sauƙi ita ce a raba zanen gida biyu, gero a sama, dako a ƙasa, watanninsu a jere ɗaya. Mai karatu zai ga ko sun motsa a lokaci guda, kuma babu mahaɗar ƙarya. Sai dai ko a nan a lura da inda kowane ma'auni ya fara, domin ana iya kumbura ƙaramin canji a gida ɗaya.

In tambayar ita ce wanne ya fi tashi, to a mayar da su ma'auni ɗaya. A ɗauki farashin Janairu na kowanne a matsayin 100, a raba na kowane wata da shi, a ninka da ɗari. In farashin Janairu yana gidan B2, a Excel haka ake rubutawa:

```
=B3/B$2*100
```

A Disamba gero zai tsaya a 110, dako a 200, a kan ma'auni ɗaya tak, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta gaskiya ce. Wannan ma yana da iyakarsa. Watan da aka fara da shi yana da tasiri sosai: in ka fara daga kaka, lokacin da hatsi ya faɗi, tashin gero zai fito da girma fiye da in ka fara daga tsakiyar damina. Don haka a rubuta watan farawa a jikin zanen ɓaro-ɓaro. Haka kuma kashi cikin ɗari yana ɓoye girman kuɗin: dako ya ninka, amma naira 2,000 kawai ya ƙara, rabin abin da gero ya ƙara ke nan.

Wanda kuma aka turo wa irin wannan zane a waya, ba shi da alƙaluman da zai sake zanawa, zai iya gwada shi cikin minti ɗaya. Ya karanta lambar farko da ta ƙarshe ta kowane layi, kowanne a nasa gefen, ya lissafa kashi nawa kowanne ya ƙaru. In ɗaya ya ƙaru da kashi 10, ɗayan da kashi 100, amma a ido suna hawa kafaɗa da kafaɗa, to ma'aunan ne aka miƙe har suka dace.