Takardar Shaidar Banki a Fayil ɗin Neman Kwangila: Ina Ake Dubawa?

Duk wanda ya taɓa karanta sanarwar neman 'yan kwangila daga wata ma'aikatar Gwamnatin Tarayya ya san jerin takardun da ake nema: rajistar CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, ta PenCom, sai kuma wasiƙa daga bankin kasuwanci da ke cewa ya san kamfanin, kuma a shirye yake ya ba shi rance idan aikin ya buƙata. Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi yi wa kallon sama-sama, ita ce kuma mafi sauƙin haɗawa a shagon buga takardu.

Kwanan wata ba ya cin lokaci. Wasiƙar ƙwarai tana zuwa bayan ranar da aka fitar da sanarwa, ta ambaci ma'aikatar da ke neman aikin, ta kuma kira aikin da sunansa da lambarsa. Wadda aka rubuta bara don wata kwangilar daban ba ta faɗi komai a kan halin da kamfanin yake ciki yau. A duba sunan bankin ma. Skye ya koma Polaris a 2018, Diamond ya narke cikin Access a 2019, Babban Bankin Najeriya kuma ya soke lasisin Heritage a watan Yunin 2024. Wasiƙa mai kwanan watan bana a kan takardar ɗayansu ta tona wa kanta asiri.

Sai sa hannu. Bisa al'ada jami'ai biyu masu izini ne ke sa wa irin wannan wasiƙa hannu, kowa da sunansa da muƙaminsa a ƙasa. Amma hatimi da sa hannu ana kwafarsu, don haka ido kaɗai bai isa ba. Kwamitin tantancewa ya rubuta wa bankin, ya haɗa da kwafin wasiƙar, ya tambaya ko daga wurinsu ta fito. Adireshin da za a aika kuwa a samo shi daga hedikwatar bankin. Kada a kuskura a kira lambar wayar da ke jikin wasiƙar, domin idan ta jabu ce, wanda ya haɗa ta ne zai ɗauka, ya amsa da muryar manaja.

Inda aikin yake da gaske shi ne gwada wasiƙar da tarihin asusun. Banki ba zai buɗe wa wani sirrin abokin hulɗarsa ba sai da yardar mai shi, saboda haka kamfanin ne zai kawo sitatimen na wata shida ko goma sha biyu, mai hatimin reshe. A ɗauki misalin kamfanin da ke neman aikin kujerun makaranta na naira miliyan 80. Wasiƙarsa ta ce asusun yana aiki tun 2019, alhali takardar CAC ta nuna an yi wa kamfanin rajista a 2021. Kamfanin da ba a haifa ba ba ya buɗe asusu. Wataƙila asusun na mai kamfanin ne shi kansa, ko na wata tsohuwar sana'arsa, kuma duka biyun ba su ne mai neman kwangilar ba. Shi ya sa ake bin sunan asusun harafi bayan harafi, a kuma tabbatar lambar nan mai alƙaluma goma iri ɗaya ce a wasiƙa da sitatimen.

Daga nan sai a ɗauki biro. Sitatimen ya fara da naira miliyan 2.4, kuɗin da suka shiga miliyan 31, waɗanda suka fita miliyan 30.1. Abin da ya kamata ya rage shi ne miliyan 3.3. Idan a ƙasan shafi an ga miliyan 33.3, to wani ya ƙara alƙalami ɗaya da hannunsa, ya manta cewa lissafin sama bai canza ba.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan wuyar kamawa, domin babu ƙarya ko ɗaya a takardun. Kwana uku kafin a rubuta wasiƙar sai miliyan 60 su faɗo asusun daga hannun mutum ɗaya, bayan kwana biyu da karɓarta su koma inda suka fito. Kuɗin aro ne aka yi wa asusun kwalliya da su. Bankin ya faɗi gaskiyar abin da ya gani a ranar, kuma galibi yana rubuta a ƙasa cewa bai ɗauki wani alhaki ba. Wanda ya kalli ragowar kuɗin kowane ƙarshen wata, ya kuma nemi sitatimen da ya zarce ranar wasiƙar da mako biyu, shi ne zai ga cewa asusun bai saba riƙe ko miliyan biyar ba. Wannan ya fi damuna, don irin wannan kamfani ne ke karɓar kuɗin somin aiki ya bar yara zaune a ƙasa.

Ɗan kwangila mai gaskiya shi ma ya karanta wasiƙarsa tun yana gaban teburin jami'in banki, domin kuskuren harafi ɗaya a sunan kamfani kan iya fitar da shi daga takara. Wanda ya zaɓi hanyar jabu kuwa, sashe na 58 na Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007 ya tanadi hana kamfaninsa kwangilar gwamnati na aƙalla shekara biyar, da tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin.