Tukwanen Gidan Abinci: Wacce Ta Fi Ƙarko Da Kiyaye Lafiya?

Legas: Duk mai gidan abinci da ke ɗora miyar tumatir kullum safiya ya san cewa arahar tukunya ba a kasuwa ake gane ta ba, sai ta shekara a kan wuta. Iri uku ne suka cika kasuwa: ta alminiyom, da ta farin ƙarfe marar tsatsa da 'yan kasuwa ke kira sitenles, da kuma mai baƙin shafe wadda abinci ba ya kamawa.

Tukunyar alminiyom ta fi araha, tana kuma watsa zafi fiye da sitenles sau goma da ɗoriya, saboda haka tana rage cin gas. Aibinta shi ne tsami da kanwa suna cin ta. Idan miyar tumatir ko zoɓo ko ruwan tsamiya suka kwana a cikinta, ƙarfen yakan narke kaɗan kaɗan ya shiga abinci. Alamar hakan ita ce ƙananan ramuka a gindinta da ɗanɗanon ƙarfe a miya. Haɗarin ya fi yawa a tukwanen da ake zubawa daga tarkacen injuna, domin wani bincike da aka wallafa a 2014 ya gano gubar dalma a irin waɗannan tukwane a Kamaru.

Sitenles kuwa tsami ba ya yi mata illa, kuma tana jure kankara da duka. Mai saye ya nemi lambar 18/10 ko 18/8 a gindinta, wadda ke nuna ingancin haɗin ƙarfen. Sai dai mai siririn gindi tana ƙona dafa-duka, don haka a zaɓi wadda aka liƙa wa faifan alminiyom mai kauri a ƙasa. Kada a zuba gishiri sai ruwa ya tafasa, in ba haka ba yakan kwanta ya huda gindin sannu a hankali.

Mai baƙin shafe ita ce mafi rauni. Shafen yana fara lalacewa idan zafi ya wuce digiri 260 a ma'aunin salshiyos, kuma kaskon da aka bari babu komai a kan babbar wuta yana kaiwa haka cikin 'yan mintoci, har ya fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi. Cokalin ƙarfe da soson ƙarfe suna ɓare shi. Da zarar ya soma ɓarewa, a sauya kaskon.

A gidan abincin da ke sayar da shinkafa da miya, rabon aikin a fili yake. Miya da zoɓo su tafi sitenles. Farar shinkafa da doya da ruwan zafi su tafi alminiyom mai kauri ta masana'anta. Mai baƙin shafe a keɓe ta ga suyar ƙwai a matsakaiciyar wuta, da cokalin katako.